Mukhalasa: Kada Ka Ce Ka Karɓa Alhali Ba Ka Karɓa Ba

A wannan makon muna Saudiyya ne, kuma maganarmu a kan wata takarda ce mai shafi ɗaya tak, wadda na ga ta cinye gumin shekaru bakwai, goma, har sha biyar na bayin Allah cikin minti biyu. Ana ce mata mukhalasa, wato takardar da ma'aikaci ke sa wa hannu idan zai bar aiki, yana shaida cewa babu sauran bashi tsakaninsa da mai aikin.

Bari in fara da laifin kaina, don shi ne ya sa ba na wasa da wannan takarda. Shekarun baya wani dattijo da muke salla tare a wani masallaci nan Jidda ya tare ni bayan isha'i. Ya yi shekara tara yana gadi a wani kamfani, sun sami saɓani da mudir a kan kuɗin ƙarin lokaci, aka sallame shi. An ce ya zo ya sa hannu a mukhalasa, a ba shi riyal 5,000 a hannu, sauran kuɗinsa kuma za a tura masa idan bizar fitarsa ta fito. Ya ce mini, "Malam, kai da ka san Larabcinsu, in sa ko kada in sa?" Ni kuwa a lokacin na ɗan karanta dokar ƙwadago, kai ya ɗau zafi, sai na ce masa, "Baba, sa hannu ka karɓi abin da ya samu. Doka ta ce duk yafiyar da ma'aikaci ya yi ta haƙƙinsa ɓatacciya ce. In sun hana sauran, sai mu kai ƙara."

Suka hana sauran, muka kai ƙara. Wakilin kamfani bai yi doguwar magana ba, takardar kawai ya gabatar. Aka tambayi Baba, wannan sa hannunka ne? Ya ce nasa ne. Wannan dangwalen yatsanka ne? Ya ce nasa ne. An tilasta maka? Kana da shaida? Babu. Takardar ta ce ya karɓi komai, da bakinsa da yatsansa. Haka Baba ya koma gida da riyal 5,000 ɗin nan, an riga ma an ci rabi a zaman jiran shari'a. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, amma ni na san rabin karatu na yi masa.

Ga inda na yi kuskure. Sashe na 8 na dokar ƙwadago ta Saudiyya lallai ya ce duk wata yafiya ko sulhu a kan haƙƙoƙin da dokar ta ba ma'aikaci ɓatacce ne, sai dai idan ya fi amfanar ma'aikacin. Amma akwai 'yan kalmomi a tsakiyar jimlar da na tsallake: yafiyar da aka yi a lokacin da kwantiragin aiki ke ci. Hikimar a fili take. Muddin kana ƙarƙashin mutum, shi ke ba ka abinci, doka tana ɗauka cewa za ka iya sa hannu don tsoro, sai ta kare ka. Da zarar kwantiragi ya ƙare, kai da shi kun zama mutum biyu masu bin juna bashi, kuma mai bin bashi yana da ikon ya yafe bashinsa. Takardar Baba kwana uku bayan ranar ƙarshe ta aikinsa aka rubuta mata kwanan wata. Kwana ukun nan su suka fitar da shi daga inuwar sashe na 8.

To a watannin baya sai ga irin wannan magana ta sake zuwa ƙofata. Wani matashi, mai kula da sito a wani kamfanin gyare-gyare, ya zo gidana da daddare da hoton takarda a wayarsa. Ya yi dabara ya ɗauki hoton lokacin da ma'aikacin ofis ya fita amsa waya. Labarinsa shi ne an yi wata uku ba a biya su albashi ba, shi kuma ya tsaya gaban abokan aiki ya yi magana, aka yi cacar baki da mudir. Kashegari aka ce kada ya sake zuwa sito, ya zo ofis ranar Lahadi a gama da shi. Tayin da aka yi masa riyal 16,000 ne, kuma kamfani zai amince masa ya koma wurin wani mai aikin da ya samu. Sharaɗi ɗaya ne: ya sa hannu.

Ya ce, "Malam, ni dai na gaji. Mahaifiyata na asibiti a gida, ana jirana da kuɗi. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Na ce masa, "Gaskiya ne. Amma bari mu fara duba ko ƙwan ya shiga bakin tukuna, sannan mu ƙirga kajin da za ka bari a akurkin."

Muka buɗe hoton. Shafin an raba shi biyu, Larabci a dama, Turanci a hagu. Shi Turancin ya karanta, kuma na Turancin gajere ne, mai laushi, yana cewa an yi lissafin ƙarshe an rabu lafiya. Na ce masa ya manta da gefen hagu. Sashe na 9 na dokar ya ce idan an rubuta takardar aiki da Larabci da wani harshe, na Larabcin ake bi. Duk abin da alƙali zai karanta yana gefen dama.

A gefen daman nan jimloli uku ne ke ɗauke da dukkan nauyin. Ta farko ta ce shi da kansa ya gabatar da istiƙala, wato ya ajiye aiki da son ransa. Ta biyu ta ce ya karɓi dukkan haƙƙoƙinsa, albashi da kuɗin hutu da kuɗin sallama da komai, ba tare da an ambaci ko riyal ɗaya ba. Ta uku ita ce ibra'i: ya kuɓutar da wuyan kamfani kuɓutarwa cikakkiya, ba shi da ikon neman komai nan gaba a gaban kowace hukuma. Ƙasa kuma ga wurin sa hannu, ga wurin dangwala yatsa, ga wurin kwanan wata an bar shi fili.

Wannan filin da aka bari shi na fara nuna masa. Ranar Lahadi da zai sa hannu, a rubuce kwantiraginsa bai ƙare ba, don ba a rufe shi a manhajar Qiwa ba tukuna. Da za a rubuta ranar gaskiya, da yana da hujjar cewa yafiyar ta faɗo cikin lokacin aiki, sashe na 8 ya rushe ta. In ya bar wurin fili, wani zai cike shi da ranar da ta dace da kamfani, bayan an rufe kwantiragi, kamar yadda ta kasance da Baba. Duk takardar da za ka sa wa hannu, kai za ka rubuta kwanan wata da hannunka, kusa da sa hannunka, kuma ka tafi da kwafinka ko aƙalla hotonta bayan an gama cike ta.

Daga nan muka ɗauko biro da takarda muka yi lissafi, don ba ka san abin da kake yafewa ba sai ka san abin da kake bi.

Albashinsa riyal 3,000 ne a wata: 2,000 na asali, 600 na gida, 400 na mota. Ya yi shekara bakwai da rabi a kamfanin. Kwantiraginsa na shekara-shekara ne da ake sabuntawa, kamar yadda doka ta tanada cewa kwantiragin baƙo mai wa'adi ne, kuma saura wata shida wa'adin bana ya cika.

Kuɗin sallama, wanda suke kira mukafa'atu nihayatil khidma, sashe na 84 ne ya tsara shi: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar ɗin farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka, kuma guntun shekara ma ana lissafa shi gwargwadonsa. Ana amfani da albashi na ƙarshe, kuma abin da doka ke nufi da albashi a nan shi ne na asali haɗe da tsayayyun alawus, ba na asali kaɗai ba. Shekara biyar sau 1,500 ya ba mu 7,500. Shekara biyu da rabi sau 3,000 ya sake ba mu 7,500. Kuɗin sallamarsa riyal 15,000 ke nan.

Albashin wata uku da ba a biya ba, 9,000. Hutun bara da bai tafi ba, kwana talatin ne, tunda wanda ya wuce shekara biyar hutunsa yana tashi daga kwana 21 zuwa 30, kuma wanda ya bar aiki bai ci hutunsa ba ana biyansa kuɗin kwanakin. Wannan 3,000. In aka tara waɗannan uku, riyal 27,000. Wannan kuɗi ne da kusan babu gardama a kansa idan kamfani ne ya sallame shi.

Sai kuma na huɗu, wanda shi bai ma san da shi ba. Sashe na 77 ya ce idan wani ɓangare ya katse kwantiragi ba tare da halattaccen dalili ba, kuma kwantiragin bai ƙayyade diyya ba, to a kwantiragi mai wa'adi diyyar ita ce albashin sauran lokacin da ya rage, kuma ba za ta gaza albashin wata biyu ba. Wata shida sau 3,000, riyal 18,000. Na gaya masa kada ya sa wannan a aljihu tukuna, don shi ne wanda ake jayayya a kai. Kamfani zai ce rashin ladabi ya yi wa shugabansa, ya nemi fakewa da sashe na 80 wanda ke ba da damar kora ba tare da diyya ko kuɗin sallama ba, shi kuma zai ce haƙƙinsa kawai ya nema. Amma dai abu ne da yake da damar nema. Jimillar duka, 45,000.

Ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ce, "To su ina suka samo 16,000?"

Amsar tana cikin jimlar farko, kalmar istiƙala. Sashe na 85 ya rage wa wanda ya ajiye aiki da kansa kuɗin sallama: wanda bai kai shekara biyu ba ba shi da komai, daga biyu zuwa biyar kashi ɗaya cikin uku, wanda ya wuce biyar bai kai goma ba kashi biyu cikin uku, sai wanda ya kai goma ne ke samun cikakke. Su kuma sun yi lissafinsu a kan albashin asali, 2,000, wanda ya ba su 10,000 maimakon 15,000. Suka ɗauki kashi biyu cikin uku, ya zama 6,667. Suka haɗa da bashin albashi 9,000, ya zama 15,667, suka cike shi 16,000 kamar sun yi masa alheri. Kuɗin hutu ya ɓace. Diyyar sashe na 77 kuwa ta mutu tun daga kalmar farko, don wanda ya ce shi ya tafi da kansa ba zai dawo ya ce an kore shi ba bisa ƙa'ida ba.

Ku lura da wannan sosai, 'yan'uwa. Mutane kan zuba ido a kan lambar kuɗi, alhali dalilin barin aiki da aka rubuta shi ne ke haifar da lambar. Akwai istiƙala. Akwai rabuwa bisa yardar ɓangarori biyu, wadda ba ta rage kuɗin sallama amma tana rufe ƙofar diyyar kora. Akwai cikar wa'adin kwantiragi. Akwai sallama daga mai aiki. Kowanne da lissafinsa. Kuma a yanzu ba a takarda kaɗai ake sa hannu ba. Idan saƙo ya shigo maka a Qiwa yana neman amincewarka a kan ƙarewar kwantiragi, karanta dalilin da aka zaɓa kafin ka taɓa komai, kuma kada ka miƙa wa mandubin kamfani wayarka ko lambar sirrin da aka turo maka don ya "taimaka" maka. Danna amincewa ɗaya yake da dangwala yatsa.

Na ce masa ko da ma shi ne ya fara tafiya, ba dole ba ne a kira tafiyar istiƙala. Sashe na 81 ya ba ma'aikaci damar barin aiki ba tare da sanarwa ba, kuma da dukkan haƙƙoƙinsa, idan mai aiki ya kasa cika manyan wajibansa. Rashin biyan albashi wata uku yana daga cikin hujjojin da ake kafawa da wannan sashe, kuma ba abu ne mai wuyar tabbatarwa ba, tunda albashin kamfanoni ta banki yake bi. Bayanin asusunsa na banki kaɗai zai nuna watan da kuɗi ya daina shigowa.

Saura jimla ta biyu, wadda ta fi kowacce haɗari: na karɓa. Ranar Lahadi ba za a ba shi 16,000 ɗin a hannu ba. An ce masa akanta zai tura cikin mako. Ma'ana zai shaida a rubuce cewa ya karɓi abin da bai karɓa ba. A shari'a wannan iƙirari ne, kuma iƙirarin mutum hujja ce a kansa. Takardar da ka amsa cewa sa hannunka ne, abin da ke cikinta ya hau kanka, nauyin kawo hujja kuma ya juyo wuyanka: kai za ka tabbatar cewa ba a biya ka ba, ko an tilasta maka, ko an yaudare ka. Wani lokaci alƙali kan ƙi gamsuwa da mukhalasar da ba ta ambaci adadi ba, ya nemi kamfani ya nuna shaidar biya. Amma wannan sa'a ce da ake samu a wani zaman a rasa a wani, ba abin da mutum zai jingina gumin shekara bakwai a kansa ba ne. Gajiya, da rashin lafiyar uwa, da tsoron iƙama za ta ƙare, duk matsi ne na gaske, amma ba su ne tilas ɗin da kotu ke saurin karɓa ba.

Sai ya kawo abin da ya fi damunsa. "Malam, in ban sa ba, ba za su sake ni in koma sabon wurin ba. Kuma fasfona yana hannunsu."

Nan ne ake kama mafi yawan mutanenmu, da sandar da tuni aka rage mata ƙarfi. Tun watan Maris na 2021 aka sauya tsarin canjin wurin aiki ga ma'aikatan kamfanoni. Akwai yanayin da ma'aikaci ke iya komawa wani kamfani ba tare da yardar na farko ba, kuma rashin biyan albashi wata uku a jere yana cikinsu. Sabon mai aikin ne zai tura buƙata ta Qiwa, ma'aikaci ya amince. Wato abin da suke sayar masa a kan riyal 29,000 abu ne da yake da hanyar samunsa ba tare da su ba. Fasfo kuwa doka ta hana mai aiki riƙe shi, kuma ana iya kai ƙorafi a kai ga ma'aikatar ƙwadago, wadda lambar kiranta ita ce 19911. Shaidar aiki ma, wadda wasu ke cewa sai ka sa hannu za su ba ka, haƙƙinka ce kyauta. Biyan kuɗinka kansa ba alfarma ba ce da za a ɗaura wa sharaɗi: sashe na 88 ya ba mai aiki mako ɗaya ya biya komai idan shi ya kawo ƙarshen aikin, mako biyu idan ma'aikaci ne.

Ranar Lahadi ya je ofis, kamar yadda muka tsara. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce yana son a ba shi lissafi dalla-dalla a rubuce, kowane haƙƙi da adadinsa, a gyara dalilin barin aiki ya zama abin da ya faru, kuma zai sa hannu ranar da kuɗin ya shiga asusunsa. Aka ce masa tayin na yau ne kawai, gobe babu. Ya yi godiya ya fito. Da ya isa masauki ya tura wa mudir saƙo a rubuce cewa an hana shi shiga sito tun ranar kaza, shi kuma a shirye yake ya ci gaba da aiki. Wannan saƙo yana da muhimmanci, don kada a wayi gari a ce shi ne ya daina zuwa, a rubuta shi cikin masu ƙauracewa aiki. Saƙonnin waya hujja ce da kotunan ƙasar ke karɓa, saboda haka kada ka goge komai.

A daren ya shigar da ƙorafi ta shafin ma'aikatar ƙwadago, a sashen taswiya wuddiyya, wato sulhu cikin lumana. Wannan shi ne matakin farko na dole kafin kotu. Ana ba shi kwana 21 na aiki. In an daidaita, a rubuta takardar sulhu. In ba a daidaita ba, a ba ka shaidar cewa sulhu ya gagara, ka wuce kotun ƙwadago ta manhajar Najiz, kuma ma'aikacin da ke neman haƙƙinsa na aiki an ɗauke masa kuɗin shigar da ƙara.

Ba zan ɓoye muku ba, ya sha wuya. Kusan wata biyu ya yi ba albashi kafin komawarsa sabon wurin ta kammala. 'Yan'uwa ne suka yi masa karo-karo aka tura kuɗin asibiti. Akwai daren da ya kira ni ya ce, "Malam, anya ban yi wauta ba?" Ban iya ce masa komai ba sai dai ya ƙara haƙuri, don ni ma ban san yadda za ta ƙare ba.

A zama na biyu kamfani ya sauko. Aka daidaita a kan riyal 33,000: cikakken 27,000 ɗin nan, da albashin wata biyu a matsayin diyya. Ya bar 12,000 daga abin da zai iya nema a kotu, kuma ya bar su yana sane, don bai son ƙarin watanni na shari'a a kan ɓangaren da ba shi da tabbas. Ya sa hannu a wannan karon, kuma wannan ma yafiya ce, ta rufe maganar har abada. Bambancin shi ne takardar sulhun da aka yi a gaban ma'aikata ba ta ce ya karɓa ba. Cewa ta yi kamfani zai biya kaza a rana kaza, kashi biyu. Irin wannan takarda tana da ƙarfin zartarwa: in an saɓa, kai tsaye kotun zartar da hukunci za ka kai ta, ba sai an sake shari'a daga farko ba. Ta ofishin mudir tana mai da kai wanda aka riga aka biya. Ta gaban hukuma tana mai da kamfani wanda ake bi bashi a rubuce.

Saboda haka ba cewa nake kada a taɓa sa hannu a mukhalasa ba. Kamfanin da ya biya ka haƙƙinka cif yana da damar ya nemi shaidar cewa ya biya, kuma sulhu alheri ne. Mukhalasa mai kyau ana gane ta: ta faɗi dalilin rabuwa na gaskiya, ta jera kowane haƙƙi da adadinsa, ta faɗi yadda aka biya, tana da kwanan wata na ranar da ka sa hannu, kuma kuɗin ya riga sa hannun shiga asusunka. In cek aka ba ka, a rubuta lambarsa a ciki, kuma a rubuta cewa kuɓutarwar ba ta tabbata sai an biya cek ɗin. In wani ɓangare kawai aka ba ka kuma kana cikin buƙata, karɓi abinka, amma abin da za ka sa wa hannu shi ne rasit na wannan adadin kaɗai. Rubuta da hannunka a saman sa hannun cewa ka karɓi riyal kaza kawai, kana riƙe da haƙƙinka na neman sauran. In sun ƙi yarda ka rubuta haka, sun gaya maka abin da takardar take nufi.

Hattara kuma da abin da ake cusawa a ƙarƙashin mukhalasa. Wani lokaci shafi uku ko huɗu ake miƙo maka a haɗe, ana ɗaga gefen ƙasa kawai ana cewa sa nan, sa nan. Farar takarda ba a sa mata hannu, ko wa ya miƙo ta. Haka duk wadda ka ga an rubuta sanad li amr a kanta: wannan takardar amincewa da bashi ce, ana iya kai ta kotun zartarwa kai tsaye, mai bin bashi ya koma wanda ake bi, har a hana shi fita ƙasar.

Wanda kuma ya riga ya sa hannu, kada ya zauna yana da na sani. Duba kwanan watan da ke jikin takardar ka gwada da ranar da aka rufe kwantiraginka. Ciro bayanin asusunka na banki. Tattara duk saƙon da aka yi maka alkawarin "za a turo sauran", don saƙo irin wannan bayan ranar sa hannu yana karyata jimlar na karɓi komai. Sannan ka yi sauri, domin kotun ƙwadago ba ta sauraron ƙarar da aka kawo bayan wata goma sha biyu da ƙarewar aiki, sai da uzurin da ta yarda da shi ko in wanda ake ƙara ya amsa bashin. In kuma za ka bar ƙasar, shigar da ƙorafinka ka naɗa wakili a hukumance tun kana ciki. Bin haƙƙi daga Kano ko Damagaram ta waya abu ne mai wuyar gaske.

Kalma ɗaya ga 'yan'uwanmu mata masu aikin gida da direbobin gida, don na san da yawanku na karanta wannan fili. Lissafin da na yi a sama ba naku ba ne, domin sassan dokar ƙwadago da na ambata ba su shafi ma'aikatan gida ba. Kuna da taku ƙa'idar daban, kuma kuɗin sallamarku albashin wata ɗaya ne a kan shekara huɗu a jere. Amma haɗarin jimlar nan ɗaya ne. Takardar da ake miƙo wa mace a mota a hanyar filin jirgi, a ce dangwala nan mu wuce, ita ma cewa take an biya ki duk albashinki. In akwai watannin da ba a ba ki ba, kada yatsanki ya ce an ba ki.

Matashin nan kashi na biyu na kuɗinsa ya shigo a ranar da aka rubuta. Mahaifiyarsa ta samu sauƙi, an sallame ta. Da ya zo yi mini godiya, Baba ne ya faɗo mini a rai, wanda ya tambaye ni tambaya iri ɗaya a ƙofar masallaci na ba shi amsar da ba ta cika ba. Allah ya yafe mana kurakuranmu, ya sa mu ci guminmu da hannunmu.